Yadda ake raba bil ɗin wutar injin casa gida biyu: tsayayyen kuɗi da mai bin aiki

Kuɗin da masana'anta ke kashewa iri uku ne idan aka auna shi da yawan aikin da ta yi. Akwai tsayayye, wanda ko an yi aiki ko ba a yi ba yana nan yadda yake, kamar kuɗin hayar fili. Akwai mai bin aiki, wanda ke hawa da sauka daidai da yawan kayan da aka fitar, kamar kuɗin buhunan da ake zuba shinkafa. Na uku gaurayayye ne, wato akwai tsayayye a cikinsa, akwai kuma mai bin aiki, sai dai takarda ɗaya ta haɗa su ba ta rarrabe ba. Bil ɗin wutar lantarki shi ne babban misalin wannan na ukun.

Wani zai ce ai tun watan Fabrairun 2016 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta soke tsayayyen cajin da ake ɗora wa masu mita duk wata a Najeriya, yanzu abin da ka sha shi kake biya, to ina tsayayyen yake? Yana cikin shan wutar kansa. Fitilun tsaro suna ci duk dare, famfon burtsatse yana ɗaga ruwa, fankokin ofis da firiji suna aiki, ko an casa buhu goma ko an casa dubu. Mita ba ta san wanne ne na casa wanne ne na gadi ba, jimla kawai take bayarwa. Aikinmu shi ne mu ciro kowanne daga cikin jimlar.

Za mu yi aikin da misalin injin casar shinkafa matsakaici, irin waɗanda ake gani a Kura da kewayen Kano. Alƙaluman na koyarwa ne, an kuma ɗauka farashin yunit bai canza ba a tsawon shekarar.

| Wata | Buhunan da aka casa (kilo 50) | Bil (naira) |
|---|---|---|
| Janairu | 2,600 | 1,380,000 |
| Fabrairu | 2,300 | 1,200,000 |
| Maris | 2,000 | 1,130,000 |
| Afrilu | 1,700 | 1,020,000 |
| Mayu | 1,500 | 930,000 |
| Yuni | 1,200 | 770,000 |
| Yuli | 1,000 | 700,000 |
| Agusta | 900 | 1,150,000 |
| Satumba | 1,400 | 840,000 |
| Oktoba | 2,100 | 1,150,000 |
| Nuwamba | 2,800 | 1,450,000 |
| Disamba | 3,000 | 1,500,000 |

Mataki na 1: tabbatar da cewa kuɗin gaurayayye ne

Gwaji biyu ne, kuma ba sa ɗaukar minti biyar. Na farko, dubi jimlar kowane wata. Idan ba ta motsawa, tsayayye ne: hayar naira 250,000 a Yuli ita ce dai a Disamba. Na biyu, raba jimlar da yawan buhuna. Idan abin da ya faɗa kan kowane buhu bai canzawa, mai bin aiki ne: buhun zubawa na naira 350 yana nan a 350 ko guda nawa aka cika.

Gwada bil ɗin wuta. Jimla ta tashi daga 700,000 a Yuli zuwa 1,500,000 a Disamba, saboda haka ba tsayayye ba ne. A Yuli kowane buhu ya ɗauki naira 700, a Disamba kuwa naira 500, saboda haka ba mai bin aiki zalla ba ne. Aiki ya ninka uku, bil bai ninka uku ba. Duk inda ka ga jimla na hawa, rabon kowane buhu kuma na sauka, to akwai tsayayyen kuɗi a ɓoye da buhuna masu yawa ke rabawa a tsakaninsu.

Mataki na 2: tsabtace teburin kafin lissafi

Nan ne yawancin kuskure ke shigowa, kuma nan ya fi cancanta a ɓata lokaci. Ɗauko takardun bil ɗin kansu, kada ka dogara da abin da aka rubuta a littafin kashe kuɗi.

Fara da cire tsohon bashi. Takardar bil tana nuna cajin wannan watan, da bashin baya, da jimlar da ake nema. Cajin watan kaɗai ake so. Abin da akawu ya biya ma ba shi ne ma'auni ba, domin yana iya biyan rabi a wannan wata ya cika a na gaba. Harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari kuwa, ko ka bar shi a duk watanni ko ka cire shi a duka, kada dai ka gauraya.

Sai ka daidaita kwanaki. Bil ɗin da ya iso hannunka a Maris galibi na wutar da aka sha a Fabrairu ne. Idan ka jera shi da buhunan Maris, ka haɗa aikin wani wata da kuɗin wani. Dubi ranakun karatun mita a takardar, ka ƙirga buhunan da aka casa tsakanin waɗannan ranaku biyu. Mai mitar kati matsalarsa daban ce: kuɗin da ya loda ba shi ne wutar da ya sha ba. Shi sai ya rubuta yunit ɗin da ya rage a farkon wata, ya ƙara wanda ya saya, ya cire wanda ya rage a ƙarshen wata.

Na uku, ware buhunan da aka casa da janareto. Idan an ɗauke wuta kwana shida aka ci gaba da aiki da man gas, waɗannan buhunan ba su taɓa mita ba. Barin su a tebur zai sa a ga kamar casa ba ta cin wuta sosai. Littafin mai kula da inji ya kamata ya nuna buhunan wutar gari daban, na janareto daban.

Na huɗu shi ne canjin farashi, kuma a shekarun nan shi ya fi ɓata lissafi. Ranar 3 ga Afrilun 2024 an ɗaga farashin yunit na masu Band A, wato rukunin da aka fi bai wa wuta awanni masu yawa a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225. Duk teburin mai Band A da ya ratsa wannan rana, bil ɗinsa ya ninka fiye da uku ba tare da an ƙara buhu ko ɗaya ba. Maganinsa shi ne a ajiye naira a gefe, a yi dukkan lissafin da yunit, wato kWh da ke rubuce a takardar, sannan a ƙarshe a ninka amsar da farashin yau. A gaskiya ko farashi bai canza ba, aiki da yunit ya fi aminci. Mun bar naira a nan ne don sauƙin bi.

Abu na ƙarshe, tsaya kan ma'auni ɗaya. Ko buhunan shanshera da suka shiga inji, ko buhunan tsaba da suka fito. Kowanne ya yi, amma kada wata ɗaya ya zama na shiga, wani na fita.

Mataki na 3: zana ɗigo-ɗigo ka gani da idonka

A takardar zane mai ƙananan gidaje, sa yawan buhuna a layin kwance, kuɗin bil a layin tsaye, kowane wata ɗigo ɗaya. A Excel, zaɓi ginshiƙan biyu, ka shiga Insert ka ɗauki Scatter. Kada ka tsallake wannan mataki don ganin kamar wasan yara ne.

A misalinmu ɗigo goma sha ɗaya sun jeru kamar an ja musu igiya, daga hagu ƙasa zuwa dama sama. Ɗaya ya fita zakka: Agusta. Shi ne watan da aka fi ƙarancin aiki, buhu 900, amma bil ɗinsa daidai yake da na Oktoba mai buhu 2,100. Wannan ba halin inji ba ne. Koma ga takardar. Idan bashi ne ya shiga ciki, cire shi ka mayar da watan cikin lissafi. Idan mita ce ta lalace aka yi bil na ƙiyasi, babu karatu na gaskiya, to fitar da watan gaba ɗaya. Mu ɗauka na biyun ne ya faru, saura wata goma sha ɗaya.

Sharaɗi a nan: ba a jefar da wata don kawai ya ɓata kyawun layi. Sai an gano dalili, an kuma rubuta shi a gefen teburin. Wanda ya riƙa tsince duk ɗigon da bai yi masa daɗi ba zai samu layi santala wanda ba ya faɗin komai.

Mataki na 4: hanyar sama da ƙasa

Wannan ita ce hanya mafi sauri, kalkuletan waya ya isa. Ɗauki watan da aka fi yawan aiki da watan da aka fi ƙarancinsa. A lura, da yawan buhuna ake zaɓa, ba da girman bil ba, domin aiki ne ke jan kuɗi.

Sama: Disamba, buhu 3,000, naira 1,500,000. Ƙasa: Yuli, buhu 1,000, naira 700,000.

Bambancin kuɗi 800,000 ne, bambancin buhuna 2,000. Tunda tsayayyen kuɗi ɗaya ne a watannin biyu, ba shi da hannu a wannan bambanci, ƙarin buhunan ne kaɗai suka jawo shi. Raba 800,000 da 2,000, ka samu naira 400 a kowane buhu. Wannan shi ne kaso mai bin aiki.

Yanzu koma Disamba. Buhu 3,000 sau 400 ya ba da 1,200,000. Cire shi daga 1,500,000, saura 300,000. Wannan shi ne tsayayyen. Gwada da Yuli: 1,000 sau 400 ya zama 400,000, a cire daga 700,000, saura 300,000. Dole amsar ta zo ɗaya. In ba ta zo ba, kuskuren lissafi ne. Amma dacewar ba ta nuna cewa amsar gaskiya ce, domin kowane ɗigo biyu layi yana iya haɗa su.

A rubuce ke nan:

```
bil = 300,000 + 400 × buhuna
```

Ga abin da zai faru da ba a fitar da Agusta ba. Shi zai zama watan ƙasa. Bambancin kuɗi 350,000, na buhuna 2,100, kowane buhu ya koma kusan naira 167, tsayayye kuma ya haura zuwa naira miliyan ɗaya. Takarda ɗaya ta ƙiyasi ta ninka tsayayyen kuɗi fiye da sau uku. Raunin wannan hanya ke nan: watanni biyu kawai take saurara, kuma su ne na bakin iyaka, inda abin da ba a saba ba ya fi faruwa.

Mataki na 5: layin da ya saurari dukkan watanni

Hanya ta biyu tana jan layin da ya fi kusa da dukkan ɗigon a lokaci guda. Ba sai ka yi ta da hannu ba. Goge layin Agusta, ka bar buhuna a B2 zuwa B12, bil a C2 zuwa C12, sannan ka rubuta:

```
=SLOPE(C2:C12,B2:B12)
=INTERCEPT(C2:C12,B2:B12)
=RSQ(C2:C12,B2:B12)
```

Kuɗi ne ke fara shiga baka, buhuna su biyo baya. Idan ka juya su, kwamfuta ba za ta yi ƙorafi ba, amsar banza kawai za ta miƙo maka. Google Sheets ma yana karɓar waɗannan ukun yadda suke.

Na farko zai ba ka kusan 409, kuɗin wutar kowane buhu. Na biyu kusan 294,000, tsayayyen kuɗin wata. Na uku kusan 0.99, ma'ana yawan buhuna ya bayyana kusan kashi 99 cikin ɗari na hawa da saukar bil. Da an bar Agusta a ciki, amsoshin za su zama kusan 322, da 498,000, da 0.76. Ka ga wannan hanya ma ta karkace, sai dai ba ta kai karkacewar ta farko ba, kuma faɗuwar lamba ta uku ta tona asirin cewa akwai matsala.

Hanyoyin biyu sun zo kusa da juna: 400 da 409, 300,000 da 294,000. Idan haka ta faru, ɗauki ta biyun ka ci gaba. Idan suka yi nisa da juna, kada ka raba tsakiya. Koma ga zanen, akwai ɗigon da bai kamata ya kasance a wurin ba, ko kuma ɗigon ba a miƙe suke ba tun asali.

Mataki na 6: gwada amsar a jikin mita

Lissafi ya ce tsayayye 294,000 ne. Mita za ta iya gaskata shi ko ta ƙaryata shi. A ce yunit ɗaya da haraji yana kamawa naira 225. Raba 294,000 da 225, ka samu yunit kusan 1,300 a wata, wato kimanin 44 a rana. Sai ka jira ranar da inji ke rufe, kamar ranar Sallah, ka karanta mita da safe, ka sake karantawa washegari a daidai wannan lokaci, muddin akwai wuta yadda aka saba.

Kada ka yi tsammanin 44 cif. Ranar hutu ofis a kulle yake, don haka abin da za ka gani zai ɗan gaza. Amma idan mita ta nuna 15 kacal, ragowar tana tafiya ne a ranakun aiki ta hanyar da ba ta bin yawan buhu. Wanda aka fi kamawa shi ne motocin inji da ake bari suna juyawa babu shinkafa a ciki, ana jiran kaya ko an tafi cin abinci. Lissafi yana jefa wannan cikin tsayayye, alhali ana iya rage shi da kashe makunni. Idan kuma mita ta nuna fiye da 44 sosai a ranar da babu kowa, bi wayoyin ka ga ko wani shago ko gida na jan wuta daga layinka.

Haka za ka yi wa ɗaya kason: 409 a raba da 225 ya ba da yunit kusan 1.8 a kowane buhu. Karanta mita kafin a fara casar buhu ɗari da bayan an gama, ka kwatanta.

Mataki na 7: duba abin da layin bai kama ba

Ga kowane wata, lissafa abin da layin ya ce, ka cire daga bil na gaskiya. Maris layi ya ce kusan 1,112,000, bil ya zo 1,130,000. Afrilu layi ya ce 989,000, bil 1,020,000. Mayu 908,000, bil 930,000. Wata uku a jere bil yana saman layi, kuma su ne watannin bazara, lokacin da fanka da na'urar sanyaya ɗaki ba sa hutawa, famfo kuma yana ɗaga ruwa fiye da kullum. Wato tsayayyen ma yana ɗan numfashi da yanayi. Bambanci mafi girma a nan kusan kashi 3 cikin ɗari ne, ana iya zama da shi. A masana'antar ƙanƙara ko ta ruwan leda mai ɗakin sanyi, zafi kan yi tasirin da sai an raba shekara gida biyu, kowane yanayi da layinsa.

Idan ragowar ta riƙa ƙaruwa wata bayan wata ba tare da la'akari da yanayi ba, zargi farashin da aka manta ba a daidaita ba, ko injin da ya fara gajiya.

Yadda ake amfani da amsar

A ce ana sa ran casar buhu 2,500 a wata mai zuwa. Ninka 2,500 da 409, ka samu 1,022,500, ka ƙara 294,000. Kasafin wuta ya zama naira 1,316,500.

Kwatanta da abin da aka saba yi, wato a tara bil na shekara a raba da buhunan shekara. Watanni goma sha ɗayan sun ci naira 12,070,000 a kan buhu 21,600, kusan naira 559 kowane buhu. Da wannan lamba, watan damina mai buhu 1,000 za a ware masa 559,000, bil ya zo 700,000, kuɗi su yanke a daidai lokacin da ciniki ya yi ƙasa. Watan kaka mai buhu 3,000 kuma a ware masa 1,677,000, alhali 1,500,000 ya isa.

Wurin da bambancin ya fi taɓa aljihu shi ne ciniki. Ɗan kasuwa ya zo a Yuli da shanshera da za ta ba da buhu 400, yana neman ragi. Ƙarin wutar da aikinsa zai jawo 400 sau 409 ne, naira 163,600, ba 223,600 da matsakaicin zai nuna ba. Tsayayyen za a biya shi ko an karɓi aikin ko an ƙi. Wannan hujja ta aiki ɗaya ce na lokacin da inji ke zaune. Farashin casa na yau da kullum dole ya ɗauki tsayayyen ma, in ba haka ba babu mai biyansa.

Inda layin ya daina aiki

Teburin ya ga watanni daga buhu 1,000 zuwa 3,000 ne kawai, don haka amsar tana da ƙarfi a wannan tsakani. Kada a ɗauke ta a yi hasashen buhu 5,000. Kafin a kai can sai an ƙara aikin dare ko an girka inji na biyu, fitilu da fankoki su ƙaru, tsayayyen ya yi tsalle zuwa sabon mataki. Haka nan 294,000 ba alkawari ba ne cewa shi za a biya idan aka rufe inji wata guda cur, domin babu watan sifili a teburin. Duk lokacin da aka ƙara babbar na'ura, kamar ta busarwa ko ta tsince tsakuwa, a ja layi a ƙarƙashin tsohon tebur a fara sabo.

Wani lokaci INTERCEPT yana ba da lamba ƙasa da sifili. Babu masana'antar da kamfanin wuta ke biyanta don ta zauna, saboda haka alama ce ta ɗayan abu biyu: ko farashin yunit ya tashi a daidai watannin da aiki ya yi yawa, ko kuma watannin duk sun yi kusa da juna a yawan aiki, misali tsakanin 2,400 da 2,600, har ƙaramin kuskure ya karkatar da layin. Na farko ana gyara shi da komawa yunit. Na biyu sai an ƙaro watanni, musamman na damina.

Idan kuma injin yana casar shinkafa yana kuma niƙa masara a kan mita ɗaya, buhu ɗaya ba ya wakiltar aiki iri ɗaya, RSQ zai faɗi ko da takardun duk daidai suke. A nan sai a sauya ma'auni, a sa awannin da kowane inji ya yi yana aiki a madadin buhuna, ko a saya wa kowane sashe ƙaramar mita tasa, a riƙa karanta su rana ɗaya da babbar.